Kati a Aljihu, Magani da Kuɗinka: Wa'adin Jira da Tsohon Ciwo a Inshorar Lafiya

Duk wanda ya taɓa zama a layin masu inshora a asibiti ya san irin cirko-cirkon da ake yi a gaban teburin. Mutum ya zo da sabon katinsa, likita ya duba shi ya rubuta masa maganin hawan jini ko na ciwon suga, ya miƙa takardar yana jiran a ɗauko masa. Sai ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, wannan ba ya cikin tsarinka tukuna." Ga kati a hannu, ga rasidin kuɗin shekara guda da ya biya, amma dole ya sake zura hannu a aljihu. Yawancin masu faɗawa wannan hali ba damfararsu aka yi ba. Sharaɗi ne da ke rubuce cikin takardar da suka sa wa hannu, wanda ba su karanta ba, kuma wakilin da ya sayar musu bai tsaya ya yi musu bayani ba.

Sharuɗɗan guda biyu ne, kuma tare suke tafiya. Na farko shi ne wa'adin jira, wato tsawon lokacin da za ka zauna bayan ka biya kuɗi kafin inshora ta fara ɗaukar nauyin wani abu. Na biyu shi ne sharaɗin ciwon da ka shigo da shi, wato ciwon da yake jikinka tun kafin ranar da yarjejeniya ta fara aiki. Ga mai lafiya ƙalau, waɗannan sharuɗɗa kan wuce bai ma san da su ba. Ga mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, su ne ke yanke hukuncin ko kuɗin da ya zuba zai amfane shi a shekarar farko ko a'a.

Dalilin da ya sa ake jira

Inshorar lafiya asusu ne na taron jama'a. Mutum dubu su zuba kuɗi, ƙalilan daga cikinsu su kwanta rashin lafiya a cikin shekara, a ɗebi kuɗin kowa a yi musu magani. Lissafin yana tsayawa ne saboda ba wanda ya san wa ciwo zai kama. Idan aka bar ƙofa a buɗe, har kowa zai iya jira sai likita ya ce za a yi masa aiki ko wankin ƙoda sannan ya ruga ya yi rajista, to asusun zai cika da masu ɗiba ba tare da masu zubi ba. Kamar ɗan adashi ne da ya shiga yau, ya kwashe gobe, jibi a neme shi a rasa. Wa'adin jira katanga ce da kamfani ke ginawa don hana haka.

Matsalar ita ce katangar ba ta bambanta mai wayo da mai gaskiya. Ciwon suga da hawan jini ba irin ciwon da ake warkewa a mako guda ba ne. Mai su yana shan magani kullum, yana ganin likita duk wata ko duk wata uku, yana yin gwaje-gwaje. A idon kamfani, wannan kashe kuɗi ne tabbatacce, ba tsammani ba, don haka a kansu ne aka fi tsaurara sharaɗi.

Agogo uku a takarda ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa wa'adin jira guda ɗaya ne. A yawancin tsare-tsaren da kamfanonin HMO ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane da iyalai a Najeriya, agogo uku ne suke fara bugawa ranar da ka shiga, kuma kowanne da lokacin tsayawarsa.

Agogo na farko gajere ne. Kwanaki ne ko 'yan makonni da ake ɗauka kafin sunanka ya isa asibitin da ka zaɓa, kati ya fara aiki a kan ƙananan abubuwa irin zazzaɓin cizon sauro, mura da gudawa. Agogo na biyu na manyan hidimomi ne: aikin tiyata, haihuwa, tabarau, gyaran haƙori. Waɗannan kan ɗauki watanni. Agogo na uku shi ne na cututtuka masu daɗewa da ciwon da aka shigo da shi. A wani tsarin wata uku ne, a wani wata shida, a wani shekara guda cur. Akwai kuma tsarin da ba jira ba ne ma, cirewa ce ɗungurungum: komai daɗewarka kana biya, ba za a taɓa ɗaukar nauyin ciwon ba sai ka sayi ƙarin tsari na musamman a kai.

Saboda haka idan wakili ya ce maka "katin zai fara aiki nan da mako biyu", gaskiya ya faɗa, amma agogo na farko yake nufi. Kai da ke da hawan jini agogo na uku ne naka.

Wane ciwo ne ake kira tsoho?

A nan ne kalmomin takarda ke da nauyi. Wata yarjejeniya takan ce ciwon da likita ya tabbatar ko ya ba da magani a kansa kafin ranar shiga. Wannan ita ce ma'ana mafi sauƙi, domin ana iya nuna ta da takarda. Wata kuma takan faɗaɗa ta haɗa da ciwon da alamunsa suka bayyana kafin shiga, ko da ba a je asibiti ba. Mafi tsanani ita ce mai cewa duk ciwon da yake jiki kafin shiga, ko mai shi ya sani ko bai sani ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai a kan cututtukan nan biyu, domin dukansu masu shigowa ne a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Ciwon suga nau'i na biyu ma yakan yi shekaru a jiki kafin yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama su kai mutum asibiti. A ce mace ta shiga inshora a watan Maris da zuciya ɗaya, a watan Mayu ta je asibiti da ciwon kai, a auna ta sau biyu a ranaku daban-daban a ga awon jininta ya haura 140 a kan 90. Idan ma'ana ta farko ce a takardarta, sabon ciwo ne. Idan ta uku ce, kamfani zai iya cewa hawan jini ba ya tsirowa dare ɗaya, da shi ta shigo. Kuma idan takardar ta ɗora wa'adi a kan cututtuka masu daɗewa gaba ɗaya, to ko sabo ne ko tsoho sai ta jira.

Mu bi mutum ɗaya na shekara guda

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da ke ciki na misali ne don lissafi ya fito fili, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. Mu ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 50. Shekara uku ke nan yana shan amlodifin saboda hawan jini, bara kuma aka tabbatar masa da ciwon suga aka ɗora shi a kan metfomin. Magani da ganin likita suna cin naira 20,000 a wata. Duk wata uku yana yin gwajin suga da na ƙoda a kan naira 10,000. A shekara ke nan ciwon yana cinye masa naira 280,000. Wannan nauyi ne ya sa ya nemi inshora.

Ranar 1 ga Maris ya biya naira 120,000 ya sayi tsari mai sauƙin kuɗi. A cikin fom ya rubuta gaskiya cewa yana da cututtukan biyu. Takardar ta ce ƙananan hidimomi za su fara bayan kwana 14, cututtuka masu daɗewa da duk abin da suka haifar kuma sai bayan wata 12.

A watan Afrilu zazzaɓi ya kama shi. Ya je asibiti, aka yi gwaji, aka ba shi magani, bai biya ko sisi ba. Ya dawo yana yabon inshora. A wannan zuwan ne ya nemi a haɗa masa da maganin wata, aka ce wannan sai da kuɗinsa. Ya ji haushi, amma ya biya.

Babban al'amarin a watan Yuli ya zo. Ya taka ƙusa a shago, ya wanke ya ɗaure, ya ci gaba da harkarsa. Mai ciwon suga sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun yi sanyi, ba ya jin zafi sosai, ga jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata. Bayan kwana goma ƙafa ta kumbura, ciwo ya zama gyambo, likita ya ce sai an kwantar da shi an yanke ruɓaɓɓen nama, an ba shi allurai masu kashe ƙwayoyin cuta, an kuma sa masa insulin har sugan ya sauka. Irin wannan kwanciya asibiti ba ya yin ta da kansa, sai ya nemi lambar izini daga kamfani. A takardar neman izinin likita ya rubuta abin da ya gani: gyambon ƙafa na mai ciwon suga. Amsa ta dawo cewa wannan yana cikin abin da tsohon ciwo ya haifar, wa'adi bai cika ba.

Wannan shi ne abin da mutane ba sa hangowa. Kowa yana lissafin ƙwayar magani, alhali sharaɗin ya fi cizo a kan 'ya'yan ciwon. Hawan jini shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki, yana raunana zuciya, yana lalata ƙoda. Ciwon suga yana taɓa ido, ƙoda, jijiyoyi da ƙafa. Idan takarda ta ce "da duk abin da ya haifar", to a tsawon wa'adin nan shanyewar jiki, bugun zuciya, wankin ƙoda da gyambon ƙafa duk suna wajen rumfa. Ma'ana, a daidai inda kuɗi masu yawa suke, inda mutum ya fi bukatar inshora, nan ne ba ta tare da shi.

Ɗan kasuwar nan yana da hujjar da zai iya kafawa: ƙusa ya taka, kuma tsarinsa ya ƙunshi rauni na hatsari. Da ya je asibiti ranar da abin ya faru, aka rubuta rauni, aka wanke aka yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki, da wannan ziyara tana cikin tsari ba gardama, kuma da wuya ciwon ya kai inda ya kai. Jinkirin kwana goma ne ya mayar da rauni ya koma matsalar ciwon suga a jiki da kuma a takarda. Duk da haka yana da damar ya roƙi likita ya rubuta cikakken bayani, yadda abin ya faro da abin da ya biyo baya, ya nemi kamfani ya ba shi dalilin ƙin biya a rubuce tare da sakin layin da aka dogara da shi. Idan bai gamsu ba, sai ya kai kuka ofishin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, da ke jiharsa, domin ita ke ba kamfanonin HMO izinin aiki kuma take sa musu ido. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne matsa wa likita ya ɓoye ciwon suga a rahoto. Wannan cutar da kai ne, domin duk likitan da zai duba shi gaba da wannan rahoton zai yi aiki.

Lissafin shekarar farko

Yanzu mu tara. Ko da ba a yi maganar ƙafa ba, mutumin nan ya biya naira 120,000 na inshora, ga naira 280,000 na ciwonsa da ya ci gaba da fitarwa. Jimla naira 400,000. A shekarar farko inshorar ƙara masa nauyi ta yi a kan ciwon da ya sa ya saye ta.

A ce akwai wani tsari a gabansa na naira 200,000, wanda ya gani ya ce ya yi tsada. Shi wannan wa'adinsa na cututtuka masu daɗewa wata uku ne, yana biyan gwaje-gwaje, amma ya ƙayyade kuɗin magani da ganin likita kan irin waɗannan cututtuka a naira 150,000 a shekara. A wata ukun jira zai kashe naira 60,000 na magani da naira 10,000 na gwaji ɗaya. A sauran wata tara bukatarsa naira 180,000 ce, kamfani ya biya 150,000, shi ya cika 30,000. Idan aka haɗa da kuɗin shiga, jimla naira 300,000. Tsarin da ya fi tsada a baki ya fi araha da naira 100,000, kuma da shi ya saya, kwanciyar watan Yuli za ta faɗo ne bayan wa'adi ya cika.

Wannan lissafi ya fito da abu na uku da ya kamata a duba bayan wa'adi da ma'anar tsohon ciwo, wato iyakar kuɗi. Cikar wa'adi ba ta nufin ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Akwai iyakar abin da za a kashe a kan magani a shekara, akwai jerin magungunan da kamfani ya amince da su. Mai shan metfomin da amlodifin da wuya ya samu matsala, domin magunguna ne na kowa da kowa. Mai amfani da insulin kuwa, musamman irin na alƙalami, ko mai bukatar tsinken gwajin suga na gida, ya kamata ya tambaya da sunan abin ko yana cikin jeri.

Jarabar ɓoyewa

Da mutum ya fahimci duk wannan, dabarar da ke fara zuwa masa ita ce ya yi shiru a fom. Wani lokaci ma wakili ne, don kada ciniki ya kuɓuce masa, zai ce "ka rubuta babu kawai". Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kan ciwon suga da hawan jini ya fi ƙurewa, domin jiki da kansa yana ba da shaida.

Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c. Ba sugan ranar yake aunawa ba, yana nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma daga kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama alamar ciwon suga ce. Wanda ya shiga inshora yau, bayan wata guda gwajin ya nuna kashi 10, sakamakon yana ba da labarin lokacin da bai shiga ba. Hawan jinin da ya daɗe yakan kaurara bangon zuciya, hoton zuciya ya nuna. Likitan ido yana leƙawa ya ga tabon da suga ko hawan jini suka bari a bayan ido, tabon da sai an shekara ake yin sa. Ga fayil ɗinka na tsohon asibiti. Fiye da duka, ranar da aka kawo ka ranga-ranga, tambayar farko da likita zai yi wa iyalinka ita ce wane magani kake sha kuma tun yaushe, su kuwa za su faɗi gaskiya don ceton ranka, ya rubuta.

Yarjejeniyar inshora an gina ta ne a kan cewa kowane ɓangare ya bayyana abin da ya sani. Idan kamfani ya gano ka ɓoye abin da aka tambaye ka ƙarara, yana iya ƙin biyan wannan jinya, yana kuma iya soke yarjejeniyar baki ɗaya. Wanda ya faɗi gaskiya ya jira wata shida ko shekara, ranar da wa'adi ya cika ya samu haƙƙin da ba mai ƙwace masa. Wanda ya ɓoye kuwa ko ya shekara uku yana biya, bai san ranar da za a juya masa baya ba. Shi ya sa ya kamata ka cika fom da hannunka, ko a karanta maka kowace tambaya ka amsa da bakinka, sannan ka ɗauki hoton fom ɗin ka adana kafin ka miƙa.

Yadda agogo ke komawa baya

Wa'adin da ka jure wani jari ne, kuma ana iya asararsa. Idan shekara ta ƙare ba ka sabunta ba, har 'yan kwanakin rangwamen da kamfani ya bayar suka wuce, yawanci za a ɗauke ka a matsayin sabon shiga, agogo ya koma farko. Haka idan ka bar wannan kamfani ka koma wancan saboda ragin naira dubu goma, sabon kamfanin ba dole ne ya lissafa maka jiran da ka yi a baya ba, sai in ya amince a rubuce. Abin da ya fi ciwo shi ne, duk cutar da aka gano maka a lokacin da kake tsohon tsari, a sabon ta zama wadda ka shigo da ita.

Wannan ya fi shafar ma'aikatan kamfanoni da bankuna. Tsarin da ma'aikata ke saya wa ma'aikatanta a dunƙule sau da yawa ba shi da wa'adi a kan tsohon ciwo, saboda an haɗa matasa da manya, masu lafiya da marasa ita, a kwando ɗaya. Mutum zai yi shekara goma yana karɓar maganin hawan jini ba tare da ya taɓa jin kalmar wa'adi ba. Ranar da ya yi ritaya ko aiki ya ƙare ya je sayen nasa na kansa, sai ya tarar da sharaɗin yana jiransa, ga shi shekaru sun ja, ciwo ya daɗe. Mai shirin barin aiki ya fara wannan magana da kamfanin tun kafin ya ajiye, ya tambaya ko za a mayar da shi tsarin mutum ɗaya ba tare da an katse ba.

Tsarin gwamnati da inda ya bambanta

Ba kamfanoni masu zaman kansu ne kaɗai hanya ba. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, a watan Mayun 2022 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa NHIA ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan mazauna Najeriya. A ƙarƙashinta akwai shirin GIFSHIP da aka buɗe don mutum ɗaya, iyali ko ƙungiya waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Jihohi ma suna da hukumominsu na taimakekeniya, irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

Irin waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan haɗa kowa da kowa, don haka kula da hawan jini da ciwon suga na yau da kullum yana cikin hidimomin da tsarin ƙasa ke ɗauka. Jiran da ake yi a nan na shigar da suna ne. Asibiti yana karɓar kuɗi ne a kan kowane mutum da ke cikin jerin sunayen da aka aiko masa, kuma kafin sunanka ya shiga jeri akan ɗauki wata biyu zuwa uku. A tsarin ƙasa mai magani yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganinsa, kuma daga jerin magungunan hukuma ake bayarwa. Yana da nasa iyakokin: manyan jinya masu tsada irin wankin ƙoda na dogon lokaci ba a ɗaukar su gaba ɗaya, wata rana kuma ka je a ce maganin ya ƙare a kantin asibiti. Duk da haka, ga mai tsohon ciwo da ba shi da ƙarfin tsari mai tsada, wannan ƙofa ce da ta cancanci ya fara ƙwanƙwasawa.

Wasu ƙasashe sun sa doka a kan tsawon jiran kansa. A Afirka ta Kudu, dokar 1998 ta ƙayyade jiran gama-gari a wata uku, na ciwon da aka shigo da shi kuma a wata 12. A Indiya, hukumar da ke kula da inshora ta rage iyakar daga wata 48 zuwa 36 a shekarar 2024. A Amurka, tun daga 2014 doka ta hana manyan tsare-tsaren inshorar lafiya ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi saboda tsohon ciwo. A nan gida, a kasuwar kamfanoni masu zaman kansu, wa'adin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga tsari zuwa tsari a kamfani ɗaya. Takardar da ke hannunka ita ce alƙali.

Kafin ka biya, da kuma bayan ka biya

Tambayoyin da za ka yi wa wakili ba su da yawa, amma ka ambaci ciwonka da sunansa. Ina da ciwon suga, ina shan magani kaza: wace rana ce ta farko da za ku biya mini shi? Idan aka kwantar da ni saboda shanyewar jiki ko gyambon ƙafa kafin ranar, wa zai biya? Bayan wa'adi, nawa ne iyakar abin da za ku kashe mini a shekara? Idan na makara wajen sabuntawa, kwana nawa nake da su kafin jiran ya koma farko? Kowace amsa ka ce ya nuna maka inda take a takarda. Da yake da Turanci ake rubuta takardun, kuma Turancin lauyoyi, ka tafi da wanda zai karanta maka wanda ba shi da kamasho a cinikin.

Idan ka riga ka shiga kana cikin wa'adi, abu mafi haɗari shi ne ka rage magani ko ka daina kana jiran ranar da zai zama kyauta. Hawan jini ba ya sanarwa. Mutum yana iya jin garau alhali awonsa ya kai inda jijiyar ƙwaƙwalwa za ta fashe, kuma idan hakan ta faru a cikin wa'adi, ga shanyewar jiki ga kuɗin asibiti duk a wuyansa. Ka ware kuɗin maganin watannin jira tun ranar da kake biyan kuɗin shiga, ka ɗauke su a matsayin wani ɓangare na farashin. Idan kuɗin duka biyun ba za su samu ba, magani ne gaba da kati. Ka ci gaba da ganin likita, zai fi kyau a asibitin da ka zaɓa a tsarin, domin ranar da wa'adi ya cika fayil ɗinka yana nan, an san maganinka da awonka, sai dai a sauya wanda ke biya.

Wanda kuma bai da ko ɗaya daga cututtukan nan a yau, musamman in ya haura shekara 40 ko iyayensa sun yi fama da su, shi ne ya fi kowa riba a wannan magana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya shiga yanzu yana sabuntawa a kan lokaci, wa'adin zai ƙare yana cikin ƙoshin lafiya, ranar da likita ya fara rubuta masa amlodifin kuma zai miƙa takardar a teburin nan a ɗauko masa.